Kafin ka ɗora hoton kaba ko dipi, yanka shi da hannunka

Ƴan uwana matasa, akwai wani abu da nake yawan gani a shafukanmu kuma wallahi yana damuna, mutum ya yi kwalliya ya ɗau hoto mai kyau, ya ɗora a kaba, wato dogon hoton nan da ke saman shafi, sai ka shiga shafinsa ka tarar babu kai babu ƙafa, ƙirji da maɓallin riga kawai ake gani. Wani kuma tambarin sana'arsa ya sa a dipi, wato ƙaramin hoton da ke kusa da sunansa, harafin farko da na ƙarshe duk sun gutsure, lambar waya ta rasa lamba biyu. Kuma fa da wannan shafin kake neman aiki, da shi kake tallan kayanka. Sai a ce manhaja ce ta ɓata hoton. Manhaja ba ta ɓata komai ba, gurbin hoton yana da siffarsa tun kafin ka zo, ba zai canza saboda kai ba, in hotonka bai yi daidai da shi ba to dole a datse, tamkar dai ka kai wa tela yadi ba ka ba shi awo ba.

Abin da za ka riƙe shi ne faɗi da tsayi, wato nawa ne faɗin hoto idan aka gwada shi da tsayinsa. In ka ga 1:1, faɗi da tsayi ɗaya ne. In ka ga 3:1, faɗin ya ninka tsayin sau uku, dogo ne a kwance siriri. Kyamarar yawancin wayoyi tana ɗauka ne a 4:3, in ka riƙe wayar a tsaye kamar yadda muka saba sai ya koma 3:4.

To bari mu yi lissafin tare don ka ga inda kan naka ya tafi. A ce wayarka ta ɗau hoto a tsaye, faɗi fiksel 3000, tsayi 4000, ka tsaya cif daga kai har ƙafa. Kana so ka sa shi a kaba na X, wanda awonsa 1500 da 500 ne, 3:1 kenan. Faɗin hotonka 3000 ne, saboda haka tsayin da gurbin zai iya ɗauka shi ne 3000 raba uku, 1000 kacal. Daga cikin 4000! Kashi ɗaya cikin huɗu ne zai shiga, ukun sun tafi. Idan kuma ka bar yankan a tsakiya ba ka matsar da shi ba, abin da zai fito shi ne daga fiksel na 1500 zuwa na 2500 in ka ƙirga daga sama, fuskarka kuwa tana can sama wajen 500 zuwa 1000, ko kusa da layin ba ta zo ba. Ka ja shi sama ka samo fuskar, eh za ta fito, amma ragowar jikin da duk abin da ya sa ka zaɓi hoton ya tafi.

Don haka maganar gaskiya, hoton tsaye ba na kaba ba ne, ka daina wahalar da kanka. Kwantar da wayar ka sake ɗauka. Yanzu faɗi 4000 ne tsayi 3000, gurbin zai ɗauki tsayin kusan 1333, ya kusa rabi. Ka ja baya kaɗan lokacin ɗauka, ka bar fili sama da kanka da kuma gefe da gefe, filin nan da kake gani kamar asara ne shi za a yanke maimakon kai. Kuma a X hoton dipi yana hawa kan kaba ta ƙasa ɓangaren hagu, to kada ka sa rubutu ko fuska a wannan lungun, zai rufe shi.

Dan Allah kada ka ce za ka matse hoton ko ka ja shi ta gefe don ya cika gurbin. Nan ne ake samun fuska ta baje, da'irar tambari ta koma ƙwai, kowa ya gani ya san an ja shi. In lallai wannan hoton tsayen kake so, buɗe manhajar zane irin su Canva, ka zaɓi Custom size ka rubuta 1500 da 500, ka ajiye hoton a gefen dama yadda yake ba ja ba matsi, sauran filin ka cika shi da launi ɗaya ko sunan sana'arka.

Dipi kuma nasa tarkon daban ne. Kana ɗora hoto mai kusurwa huɗu daidai, 1:1, amma a WhatsApp da Facebook da Instagram da X duk a da'ira ake nuna shi. Da'irar da ke cikin murabba'i tana cin kusan kashi 79 cikin ɗari ne kawai, ragowar kashi 21 ɗin kusurwoyi huɗun ne, sun tafi. Ga fuska wannan ba matsala sosai ba ce in ta zauna a tsakiya, idanu su ɗan haura tsakiyar kaɗan, a ga kafaɗa, a bar fili sama da kai. Masu tambari da rubutu su ne abin ya fi ci, don sukan cika hoton har baki. In hotonka 1000 da 1000 ne, wurin da babu abin da zai taɓa shi shi ne murabba'in tsakiya mai kusan 700 da 700, wato ka bar kamar fiksel 150 ta kowane gefe babu komai sai launi. Lambar waya da adireshi ma ni shawarata ka cire su daga dipi gaba ɗaya, a jerin hira hoton bai fi kan yatsa ba, wa zai karanta? Akwai wurin bayani a shafin, can ne gidansu.

Sannan masu yanko fuskarsu daga hoton taro, mutum goma a jere, fuskarka ba ta fi fiksel 200 ba a ciki, X kuma 400 da 400 yake ba da shawara, dole a buɗa ta ta yi dishi-dishi. Balle in sikirinshot ne, ko hoton da ya bi ta WhatsApp aka rage masa ƙarfi. Ka ce a turo maka asalin a matsayin Document.

Masu tashar YouTube naku ya fi kowanne tsanani, ana ɗora kaba mai 2560 da 1440, amma talabijin ce kaɗai take nuna shi duka, waya tana nuna wani siririn yanki ne a tsakiya mai kusan 1546 da 423. Suna da tambari duk su zauna cikin wannan yankin, wajensa ado ne kawai. Kaba na Facebook ma yadda yake fitowa a kwamfuta ba haka yake fitowa a waya ba, shi ma tara abin da ke da muhimmanci a tsakiya.

In ka gama ɗorawa kada ka tsaya kan abin da ka gani a wurin gyara, fita ka shiga shafin kamar baƙo, ka karɓi wayar wani ka duba, in akwai kwamfuta ita ma ka buɗe. Kuma ka ajiye asalin hoton da ba a yanka ba, don kamfanonin nan suna canza awo lokaci lokaci, ranar da suka canza daga asalin za ka sake yankowa.