A ba mara lafiya takardar sallama a hannu kafin ya hau motar Arewa

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san al'adarmu, mutum ya kwanta asibiti a Legas, ana sallamarsa 'yan uwa sun yanke shawara a kai shi gida ya ƙarasa jinya kusa da iyali. Ban ga laifin wannan ba, zaman jinya a ɗakin haya ba sauƙi. Sai dai likitan da zai karɓe shi a Kano ko Gusau yana nesa da kusan kilomita dubu ko fiye, bai ga folda ba, ba zai taɓa ganinta ba kuma, domin folda ta asibiti ce ba ta fita. Abin da ke bin mara lafiya cikin mota shi ne ledar magani da rasit na kuɗi da katin asibiti. Shi ya sa nake ganin a wurinmu takardar sallama ta zama dole, a rubuta ta cikakkiya a damƙa a hannu ranar fita, kuma layin da ya fi kowane muhimmanci a cikinta shi ne na rizal ɗin da bai fito ba tukuna.

Mu ɗauki misali irin wanda muke gani kullum. Dattijo mai sayar da albasa, yana da ciwon suga ya daɗe yana shan metfomin, ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba saboda sugan ya kashe masa jijiyar ji, wurin ya ruɓe ya fara zazzaɓi aka kwantar da shi. An yi masa ƙarin ruwa, an sa shi allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, an shiga da shi tiyata an kankare ruɓaɓɓen naman. Ranar da ya zo gwajin ƙoda, wato kiriyatinin, ya nuna 280, alhali na lafiyayyen babban mutum ba ya wuce wajen 110. Saboda haka likitoci suka tsayar da metfomin, don ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki kuma idan ta yi rauni yana iya taruwa ya yi illa, suka koma yi masa insulin. Ranar sallama gwajin ya sauko 160.

To yanzu ga shi gaban likita a Arewa bayan sati biyu. Likita ya ce, "Baba, me aka ce yana damunka a can?" Ɗansa ya amsa, "Ranka ya daɗe, sun ce suga ne da ƙafa, sun yi masa allurai da yawa." Iyakar bayanin ke nan. Likita ya sa a gwada ƙoda ya ga 150. Wannan lamba ita kaɗai ba ta gaya masa komai, in daga 280 ta sauko to ƙodar tana farfaɗowa, sai a ci gaba da lura, in kuma daga 90 ta hau to akwai abin da ke cin ƙodar yanzu haka kuma sai an tashi tsaye. Layi ɗaya a takarda mai ɗauke da lambar ranar shiga da ta ranar fita da ya warware masa. Haka maganar magani, bai isa a jera abin da zai sha ba, sai an rubuta abin da aka tsayar da dalilin tsayarwa. In ba haka ba Baba zai koma gida ya tarar da ragowar metfomin ɗinsa ya haɗa da insulin, ƙafa ta yi zogi a aika yaro kemis ya sayo diklofenak, wanda shi kuma yana ƙara wa ƙoda mai rauni wahala.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne rizal. A kankara ta ƙarshe likitoci sun ɗebi ɗan nama daga can cikin gyambon sun aika lab don a shuka a ga wace ƙwayar cuta ce da kuma maganin da yake kashe ta. Irin wannan gwajin yana cin kwana 2 zuwa 3, na jini a kan ajiye shi har kwana 5, na tsoka da ake dubawa don neman ciwon daji yana kai sati ɗaya zuwa 'yan makonni, shukar tarin fuka kuwa tana iya kai sati 6 zuwa 8. Gado ba zai jira wannan ba, ana sallamar mutum da maganin da aka fi zaton zai yi aiki, kuma hakan daidai ne. Amma idan rizal ya fito ya nuna ƙwayar ba ta jin maganin da Baba ya tafi da shi fa? Takardar rizal ɗin tana lab ko an cusa ta a folda, ƙaramin likitan da ya aika samfurin an mayar da shi wani sashe, iyali sun biya kuɗin gwajin amma ba wanda ya gaya musu akwai abin da ake jira. Baba yana shan magani a kan lokaci, ƙafa tana ƙara wari da kumburi, kowa yana cewa sugan ne ya yi yawa, har a kai ga maganar yanke yatsa.

Don haka rubuta "ana jiran rizal" kawai bai wadatar ba. A faɗi wane gwaji ne, ranar da aka ɗauka, lambar samfurin, ranar da ake sa ran fitowarsa, sashen da za a kira, da wanda aka ɗora wa alhakin dubawa ya kira mara lafiya. Haka layin dawowa, "ka dawo bayan sati biyu" ba shi da amfani ga wanda zai kwana a hanyar Kano gobe. A rubuta aikin da za a yi, diresin sau nawa, a sake gwajin ƙoda nan da sati ɗaya zuwa biyu, kada a mayar da metfomin sai an ga sakamakon, in zazzaɓi ya dawo ko yatsa ya fara baƙi a tafi asibiti ranar.

Na san abin da likitoci za su ce kuma suna da gaskiyarsu. Hannu ya yi ƙaranci, da yawa sun fita waje, wanda ya kwana yana aiki shi ne za a ce ya zauna ya rubuta, ga layi a waje. Mu ma muna da namu, ana cewa an sallama mun ɗaure kaya mun kira mota, wasu ma sa hannu suke su ɗauke mara lafiya kafin lokaci saboda kuɗi ya ƙare. Duk da haka shafi ɗaya ne ake magana, kuma rashin sa aiki yake ƙara wa likitocin kansu, domin na gaba sai ya maimaita gwaje-gwajen da aka riga aka biya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ba mara lafiya bayanin halin da yake ciki da maganin da yake buƙata, kundin haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 kuma ya ambaci haƙƙin samun bayanan jinyarsa. Wanda ya nemi takardar ba rashin kunya ya yi ba.

Mai jinya ya faɗa wa likita tun kwana biyu kafin sallama cewa Arewa za a wuce, wannan kaɗai yana canja yadda za a rubuta. Ya tambaya kai tsaye, "Likita, akwai gwajin da bai fito ba?" In akwai, ya bar lambar waya mai aiki, ya kuma bar katin asibitin ko hotonsa a hannun wani ɗan uwa da ke nan Legas wanda zai je ya karɓo rizal ya tura ta waya. Ita kuma takardar sallamar a ɗauki hotonta a yi fotokwafi kafin a shiga mota, in likitan can ya nemi ya riƙe a ba shi kwafin.