Ranar da yaro ya fara mayar maka da amsa da harshen makaranta

Wata shida da shigar 'yata makaranta a ƙasar da muke zaune, wata safiya na ce mata, "Ina jakarki?" Ta ji ni sarai, ta nuna jakar, amma amsar da harshen makaranta ta fito. Na ɗauki jakar muka wuce. Daga baya na gane cewa wucewar nan ta koya mata wani abu: ko ba ta yi Hausa ba, buƙatarta za ta biya.

A gida ma ai yara da yawa da wani harshe suke karatu, amma Hausarsu ba ta girgiza. Da an tashi makaranta, abokan wasa, maƙwabta da kakanni duk Hausa suke nema daga bakin yaro, wanda bai yi ba kuwa a bar shi a baya. A nan babu wannan taron. Daga ni sai mahaifiyarta, kuma mu biyun muna jin harshen makarantar. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ce muddin iyaye suna yi wa yaro Hausa, shi ke nan. Ji yana gina fahimta, amma baki ba ya buɗewa sai da buƙata.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Annick De Houwer ta yi nazarin iyalai 1,899 a yankin Flanders na Beljiyam, inda ake karatu da Holanci, ta wallafa sakamakon a 2007. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran ba sa magana da harshen gida, alhali ana yin sa a gidajensu.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne aikin Elizabeth Lanza a Norway. Ta lura da abin da iyaye ke yi a daidai lokacin da yaro ya sako ɗaya harshen, ta kasa shi gida biyar. Akwai mai nuna bai gane ba, akwai mai tambayar "kaza kake nufi?" da harshen gida, akwai mai maimaita maganar yaron da harshen gida, akwai mai wucewa kawai, sai mai bin yaron ya koma harshensa. Na farkon suna nuna wa yaro cewa a nan harshe ɗaya ake so, na ƙarshen suna ba shi lasisi. Ni a na huɗu nake, ban sani ba.

Nuna ban gane ba bai yi mana aiki ba, domin yarinya mai shekara shida ta sha jin ina magana da malamarta, kuma ba na son in yi mata ƙarya. Tambaya na kama. Idan ta nemi ruwa da harshen makaranta, sai in ce, "Ruwa kike so, ko madara?" Da gangan nake ba ta zaɓi biyu, don "eh" ba za ta wadatar ba, dole kalmar ta fito. Bayan 'yan makonni na daina sa mata kalmar a baki, sai in ce, "Me kike so in kawo miki?" in yi shiru in jira. Jiran nan shi ne mai wuya, domin zuciya tana so ta ƙarasa wa yaro magana.

Sai na gano wani giɓin. Hausarmu da ita duk umarni ce: zo, zauna, wanke hannu, kwanta. Abin da ya faru a aji kuwa ba ta da kalmominsa, to da me za ta ba ni labari? Yanzu kullum da yamma muna ɗaukar minti goma sha biyar ta koya mini darasin ranar. Inda ta maƙale in ba ta kalmar, "ragewa", "inuwa", "tsiro", ta sake faɗin jimlar da kanta.

Alamar da nake sa wa ido ita ce jinsi da aikatau. Sako sunan abu ɗaya daga wani harshe ba komai ba ne, mu manya ma muna yi. Amma idan ka ji "Mama ya zo" ko "rigan nan" daga yaron da a da yake faɗinsu daidai, ko aikatau ya koma na makaranta, ginin ne ya fara tsagewa. Ba na ce mata ta yi kuskure, kuma na hana a yi mata dariya, don yaron da aka kunyata shiru yake zaɓa. Cewa nake yi, "Eh, Mama ta zo," mu ci gaba. Ranar da take kuka ko ba ta da lafiya kuwa, da kowane harshe ta zo ina karɓa.

Inda har yanzu nake fama shi ne tsakaninta da ƙanenta mai shekara uku. Da ni Hausa take yi yanzu, amma da sun shiga ɗaki wasa sai harshen makaranta, shi kuwa ko ajin bai taka ba tukuna. Na fara zama cikin wasan nasu rabin awa, ina tambayarta, "Gaya wa ƙanenki yadda ake yi."