Bidiyona gajere ne, me ya hana shi shiga Shorts?

"Na ɗauki bidiyo da waya a tsaye, daƙiƙa 40 kacal, amma YouTube bai saka shi a Shorts ba. Har #Shorts na rubuta."

Ɗan'uwa, YouTube ba ya duba yadda ka riƙe waya. Fayil ɗin da ka ɗora yake aunawa: faɗinsa da tsayinsa, sai kuma tsawon lokacinsa. Tun daga 15 ga Oktoba 2024, bidiyon da bai wuce minti 3 ba yana shiga Shorts muddin faɗinsa bai fi tsayinsa ba. Rubuta #Shorts ba ya sauya wannan awo ko kaɗan.

Galibi wajen tacewa ake samun matsalar. Wayarka ta ɗauko 1080x1920, wato faɗi 1080, tsayi 1920, sai ka buɗe shi a manhajar tace bidiyo wadda aka saita a 16:9, wato a kwance. Ita kuma ta ajiye hoton a tsakiya, ta cike dama da hagu da baƙi, ta fitar da 1920x1080. A idonka yana tsaye, amma baƙin nan ya riga ya zama jikin bidiyon, don haka a wurin YouTube a kwance yake. Abin yana ba ni takaici, domin kana kallonsa a waya ba lallai ka lura ba.

Duba lambobin faɗi da tsayi a bayanan fayil ɗin a wayarka. In lambar farko ta fi ta biyu girma, nan ne. Koma manhajar ka zaɓi 9:16, ka sake fitarwa, sannan ka ɗora shi sabo.