Ƙafar Bazazzagi a Ƙofar Wambai

Bazazzagi: Bakano, takalmi nake so mai laushi luɓus. Tun asuba nake tsaye a teburin shayi har dare, ƙafar nan ta ishe ni.

Bakano: Cire silifas ɗin. Ga buta, jiƙa ƙafarka ka taka siminti.

Bazazzagi: Takalmi na zo saye, ba alwala ba.

Bakano: Taka dai, bawana. Kai! Wannan sawu ne ko faifai? Mai kwarmi a tafin ƙafa, gefen ciki ba ya jiƙa ƙasa. Kai ko ka buga hatimi cikakke. Yi ɗage in gani.

Bazazzagi: Ga shi. Saura rawa.

Bakano: Yauwa, kwarmin ya fito da ka ɗaga dunduniya, ke nan ƙafar tana lanƙwasuwa. Da ya ƙi fitowa, ko ƙafa ɗaya ce ta baje kwanan nan da ciwo, asibitin ƙashi na Dala zan tura ka.

Bazazzagi: Bakano ya bar ciniki? Sai dai in an yi ƙiyama. Miƙo wancan mai soso.

Bakano: Murɗa shi ka gani.

Bazazzagi: Ya murɗu kamar tsumma. Ai daɗin ke nan!

Bakano: Daɗin awa ɗaya. Soso lotsewa yake, ƙafarka ta ci gaba da kifewa ciki. Dubi silifas ɗinka, gefen ciki ya fi cinyewa. Riƙe wannan kambas. Matsa bayansa, inda dunduniya ke zama.

Bazazzagi: Tauri kamar hannunka a aljihu.

Bakano: Haka ake so. Kuma ba ya lanƙwasuwa sai daidai gindin yatsu. Yanzu mu zare shimfiɗar cikinsa, mu sa wannan mai ɗan tudu a ƙarƙashin kwarmi.

Bazazzagi: Me ya sa za a zare? Kuɗina ne, a haɗa duka biyun.

Bakano: In ka ɗora wata kan wata, takalmin zai matse, dunduniya ta riƙa fita. Tsohuwar za mu aza kan sabuwar, mu zana, mu rage da almakashi daga wajen yatsu. Baya ba a taɓa shi.

Bazazzagi: To ɗaure min.

Bakano: Yanzu hantsi ne. Dawo da la'asar, ƙafa ta kumbura da tsayuwa, ka zo da safar da kake sawa. Mu bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi.

Bazazzagi: Da la'asar ƙafa ce ke kumbura ko farashi?

Bakano: Kowa da rabonsa. Kuma kada ka wuni da shimfiɗar tashin farko. Awa 2 ranar farko, kullum ka ɗan ƙara, har ƙafa ta saba. In tana sukarka bayan mako 2, tudun ya yi maka yawa, a sauya.

Bazazzagi: Madalla. Kuɗin ma haka zan biya, kullum kaɗan, har aljihu ya saba.

Bakano: To ƙafar hagu za ka fara tafiya da ita.