Sibinka na cewa ka je aiki, bai ce ka yi aiki ba

Jama'a yawancin sibin da matasanmu ke turawa neman aiki jerin abin da aka ɗora musu ne kawai. "Kula da sito. Karɓar kaya da fitar da su. Rubuta rahoton wata." To ai duk mai sito a duniya haka yake yi, har wanda aka kora saboda kaya sun lalace a hannunsa zai iya rubuta layukan nan uku kuma bai yi ƙarya ba. Ta ina mai ɗaukar aiki zai bambanta ku?

A ce kana riƙe da sito a kamfanin sarin magani a Kano, sai wata ƙungiyar agaji ta fitar da tallar neman mai sito a Maiduguri. Kafin ka taɓa sibin, ka zauna da tallar da biro. Ka bar maganar digiri da shekarun aiki tukuna, ka ja layi a ƙarƙashin abin da suke son gani ya faru. Ƙila za ka tarar da uku: a rage asarar kaya, lissafin takarda ya dace da abin da ke kan kanta, rahoto ya zo kan lokaci. Ciwon kansu kenan, kuma kowane layi naka ya kamata ya amsa ɗaya daga ciki, da irin kalmomin da suka yi amfani da su, kuma da lambar da ke nuna sakamakon aikinka.

Sai a ce ni ba ni da wata lamba. Kana da ita malam, tana cikin katin kaya da webil da littafin ƙidayar ƙarshen wata, kai ne dai ba ka taɓa komawa ka duba ba. A ce shekarar da ka karɓi siton an zubar da katan 40 saboda wa'adinsu ya ƙare, sai ka sake jera kanta, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke fara fita, kuma kana sanar da oga duk kayan da ya rage musu wata uku, shekara ta zagayo aka zubar da 15 kacal. Layinka ya fito: "Na rage maganin da wa'adinsa ke ƙarewa a sito daga katan 40 zuwa 15 a shekara, ta hanyar fara fitar da mai kusan wa'adi." Ga inda aka faro, ga inda aka kai, ga tsawon lokaci, ga dabarar. Idan babu inda aka faro 15 ɗin nan ba ta cewa komai, ba wanda ya san ko yawa ce ko kaɗan.

Na lissafi ma haka, in kaya iri 300 ne kuma 285 suka dace da kati ranar ƙidaya, kashi 95 cikin 100 kenan, ka rubuta. Rahoto kuwa, wata 12 a jere kafin ranar 5 ga wata, shi kenan.

Inda nake da ja da masu ba da shawara shi ne wannan cewar a cusa lamba ko ta halin ƙaƙa. Wani zai rubuta ciniki ya ninka a hannunsa, alhali tallar ba ta yi maganar ciniki ba, ƙungiyar agaji ai ba sayar da kaya take ba. Sannan lissafi da naira yaudara ne yanzu, tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 farashi ya yi sama, kuɗin ciniki na iya ninkawa alhali katan ɗin da aka fitar bai ƙaru ko ɗaya ba. Ka ƙirga da katan ko kwana ko mutum, ya fi aminci, kuma ba ka fallasa kuɗin kamfanin mutane ba.

Lambar ƙarya kuma tana da kama, za ka ga "na inganta aiki da kashi 80" babu daga ina babu zuwa ina. Ranar intabiyu tambaya ɗaya ce, yaya ka auna? In ka fara inda-inda an gama, sauran layukan ma na gaskiya sun shiga zargi. Haka in ku huɗu ne a siton kar ka kwashe ladan duka, ka ce tare da mutum uku, ka faɗi ɓangaren da ke hannunka, don ƙungiyoyin nan suna kiran tsohon oga kafin su ba da takardar kama aiki, kuma shi ya san wanda ya jera kantar.