Tafet ɗina da yaron Oga

Babur ɗina, irin CG125 ɗin nan da kuka sani, ya fara ƙas-ƙas a kan injin, alamar tafet ya saki. Na sayi fila geji na auna ratar bawul, na bar babur ɗin ya kwana ya huce, domin ƙarfe mai zafi buɗewa yake, awon sai ya yi ƙarya. Da safe na cire murfi da fulogi a ƙofar gida, gaban 'yan majalisa.

Na juya magneto har alamar T ta zo daidai da tsagar. Na taɓa rokar bawul biyun, ba mai motsi. Na ce, "Kun gani? A matse suke!" Ban tsaya tambayar yadda abu matsattse ke ƙara ba. Na kwance goro, na sassauta sukurun har gejin milimita 0.08 ya shige, na ɗaure. Kik ɗaya ya tashi.

Jama'a, ƙarar da ta fito kamar ana dakan sakwara a cikin kwano! Mai shayi ya ajiye ludayi. Maman yara ta leƙo ta taga, ta koma ba ta ce uffan ba. Ni kuwa ina ta murɗa totur wai zai washe.

Nan Kawu ya taso, wai in ɗaure tam har ya yi shiru. Kawu fa! Shi da ya ɗaure nasa tam bara. Bawul ya daina rufewa sosai idan injin ya yi zafi, iska na zurarewa, babur ba ya tsayawa a silo, in ya mutu a kasuwa sai turi. Ƙarshe bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, don sai ya zauna daram a mazauninsa yake sauke zafi. Har yau sifanata mai lamba goma tana gidansa, amma shi ne mai ba da fatawa.

Sai ga yaron Oga makaniki, wanda bai gama firamare ba, riƙe da ƙosai. Ya ce, "Yaya, a wane T ka saita?" Na ce T nawa ne? Ya ce fistin sau biyu yake hawa sama: sau ɗaya bawul duka a rufe, sau ɗaya na hayaƙi yana rufewa na mai yana buɗewa. A na biyun na saita, shi ya sa ratar ta zama ƙofar gari.

Muka jira injin ya huce, ana ta kallona. Ya toshe ramin fulogi da yatsa, ya juya har iska ta turo shi, ya daidaita T, rokokin suka yi laƙwai-laƙwai. Ya murɗa sukurun har gejin na shiga da ɗan ja, ya riƙe sukurun yana ɗaure goron kada ya bi, ya sake aunawa.

Kawu ya ce ai abin da yake nufi ke nan. Yaron kuma ya ce in ƙaro masa ƙosai.