Kafin a miƙa wa babban baƙo lasifika, a faɗa wa jama'a me ya haɗa shi da aikin

Na sha zama a ƙarƙashin rumfa a taron gidauniya, kuma abin da ke damuna kullum ɗaya ne. Mai gabatarwa zai ɗauki takarda ya yi minti goma sha biyar yana jero digirori da sarautu da ƙasashen da babban baƙo ya taka, har a tafa a zauna babu wanda ya ji dalilin da ya sa aka gayyato shi kan wannan aikin musamman. To wallahi a nan ake asarar kuɗi, domin tela da mai shayi da malamar makaranta da suka zo da 'yar dubu biyu a aljihu, in suka ji wannan jerin sai su ga ai taron na manya ne, su mayar da hannu.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai na neman kuɗin rufin azuzuwa uku na firamaren garinsu da iska ta yaye da farkon damina, babban baƙo kuwa injiniya ne ɗan garin. Ya shiga aji ɗaya a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin da aka yi ta gina azuzuwa a ƙauyuka. Wannan shi ne abin faɗa. Bayan an gaida hakimi da liman da uban taro bisa tsari, sai mai gabatarwa ya nuna ginin da hannu ya ce: “Jama'a, ajin nan na tsakiya da kuke gani babu kwano, a cikinsa baƙonmu ya fara riƙe alli a 1976. Yau gine-gine ne sana'arsa, kuma makon jiya da kansa ya zo ya auna rufin ya gaya wa kwamiti bandir nawa za a saya.” Sai a kawo muƙaminsa a jimla ɗaya, a kira sunansa a ƙarshe, a ba shi lasifika. Minti biyu ya isa.

Kun ga abin da ya faru? A cikin taron akwai waɗanda suka zauna benci ɗaya da shi, akwai wanda jikansa ke zaune a ƙasa cikin wannan ajin yanzu, duk sun ji labarin nasu ne. Kuma sun ji cewa wanda ya san aikin ne ya yi lissafin, wanda hakan ke rage zargin da kowa ke yi a zuci na ina kuɗin za su. In aka ƙara da cewa bandir ɗaya falle ashirin ne, mai ƙaramin ƙarfi ma ya san zai iya cewa ni na ɗauki falle biyu.

Sai dai wannan bayani ba a samunsa a takardar tarihin da sakatarensa zai turo ta waya. Dole mai gabatarwa ya kira baƙon kwana biyu ko uku kafin taro, ya tambaye shi me ya sa ya amsa gayyatar, sannan ya tabbatar da shekarar wajen wani dattijo ko tsohon malami, don in ka yi kuskure a gaban 'yan ajinsu nan take za ka ji ƙus-ƙus ya tashi. Abu mafi nauyi kuma shi ne neman izini. Na taɓa ganin mai gabatarwa ya ce baƙo maraya ne da ya tashi ko takalmi ba shi da shi, da niyyar yabo, amma danginsa na zaune a layin gaba, suka ɗauke shi gori, fuskar mutumin ta canza, ya yi jawabi a gurguje ya tafi. Abin da mutum bai yarda a faɗa ba, a bar shi.

Wasu za su ce ai kirari al'adarmu ce, kuma shi ke sa mai kuɗi ya buɗe bakin aljihu. Ban musa ba, maroƙa na da gurbinsu a taro. Amma wanda aka zuga har ya ambaci abin da bai shirya ba, galibi alkawari yake yi, sai kwamiti ya kwashe watanni yana sintiri a ƙofar gidansa, yara kuma na nan ruwa na dukansu. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mai gabatarwa ya ce “mun san ba zai ba da ƙasa da miliyan kaza ba”.

In kuwa baƙon ba ɗan garin ba ne, bai yi makarantar ba, dan Allah kada a ƙirƙiro masa alaƙa. A faɗi gaskiyar da ke akwai, ko da ita ce ya taɓa rufa wata makaranta a garinsu, kwamiti ya je ya gani da ido, shi ya sa aka nemo shi.